Shekarun gida da shekarun zane: sharhi a kan nazarin adon bango a biranen Hausa

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ratsa lungunan Birni ko Zango a Damagaram ya ga irin zanen da magina ke fitarwa a fuskar zaure, kewaye da ƙofa, har zuwa ƙarƙashin zankwaye. Masana tarihin fasaha sun daɗe da lura da shi. Kirk-Greene ya fitar da ɗan littafi a kan gidajen Zariya a 1963, Moughtin ya biyo da nasa a kan gine-ginen Hausawa a 1985, Labelle Prussin a 1986, Dmochowski a 1990, sannan Schwerdtfeger ya koma kan Zariya a 2007. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna wani kuskure da ke yawan shiga aikin ɗalibanmu a nan Harobanda idan sun karanta waɗannan littattafai: sukan ɗauka cewa zane tsaran gida ne, kuma sunansa shi ne ma'anarsa. A ganinmu, duka biyun suna bukatar hujja.

2. Bango da fatarsa

Ginin ƙasa kashi biyu ne. Akwai jikin bango, wanda ake yi da tubali, akwai kuma yaɓen da ake rufe shi da shi. Jikin bango yana iya wuce shekara ɗari idan ana kula da rufi da indararo. Yaɓe kuwa shi ke karɓar dukan ruwan damina, don haka ake sabunta shi bayan ƴan shekaru, da makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. A cikin wannan fata mai saurin lalacewa ne zanen yake zaune.

Ke nan idan aka ce wani gida ya samo asali daga zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, ba a faɗi kome ba tukuna game da shekarun adon da ke fuskarsa. Mai yiwuwa an maimaita tsohon zane sau da yawa, kowane hannu yana ƙara masa kauri yana rage masa kaifi. Mai yiwuwa kuma jikan mai gidan ne ya sa aka kankare shi aka yi sabo sa'ad da zai yi aure ko da ya dawo daga Hajji. Haka abin yake ga masallacin Jumma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830 zuwa 1840. Adonsa na ciki yana ƙarƙashin rufi, ruwa ba ya taɓa shi. Ba daidai ba ne a ɗauki shekarunsa a liƙa wa zanen da ke waje, a bakin hanya.

3. Yadda ake karanta fuskar zaure

Bari mu ɗauki misali. Ga zaure a Birni, magada sun ce kakansu ya gina shi kafin Faransawa su mayar da babban birnin mulkinsu daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. A saman ƙofa akwai dagi, a gefe akwai takobi, can ƙasa kuma an zana keke. Me ɗalibi zai yi?

Da farko sai ya duba yadda aka fitar da zanen. Idan an ɗora ɗanyar ƙasa ne a kan bango aka murza ta da hannu, zanen zai yi tudu, bakinsa a dunƙule. Idan kuwa an shafe bango ne da siminti aka yanke siffar da wuƙa ko cokalin gini kafin ya bushe, zai fito a shimfiɗe, bakinsa da kaifi, sau da yawa kuma da fenti. Wannan na biyu ba zai girmi zuwan siminti garin ba, kome tsufan tubalin da ke bayansa.

Na biyu, sai ya nemi inda yaɓe ya ɓare, galibi ƙarƙashin indararo ko a gindin bango. A nan ake ƙirga shafe nawa aka yi, a kuma ga ko akwai sawun wani zane a ƙarƙashin na yanzu. Ƙwanƙwasawa ma tana da amfani: inda siminti ya rabu da ƙasa yakan yi ƙara kamar ƙwarya, domin laima ta maƙale a bayansa tana cin bangon, kuma ranar da zai faɗi da tsohon yaɓen zai faɗi.

Na uku, sai ya dubi siffofin. Keke ya ba shi iyaka, tun da ba a zana abin da ba a gani ba. Amma iyakar ta keken ce kaɗai. Idan keken yana kan siminti, dagin kuma yana kan makuba, to fuskar nan ta ƙunshi zamani biyu, kuma 1926 ɗin da magada suka ambata ta shafi tubali ne kawai. Sai an haɗa wannan da tsohon hoto mai kwanan wata, ko da shaidar maginin da ya yi aikin, kafin a rubuta shekara.

4. Suna da ma'ana

A nan ne mai nazarin harshe ke da ta cewa. Kalmar dagi a bakin Bahaushe tana nufin tafin ƙafar dabba irin zaki, tana kuma nufin wannan ƙulli da ake gani a bango, a wuyan riga, da a kayan dukawa. Haka aska biyu da aska takwas a ɗinkin babbar riga: ba wanda ke tunanin wanzami idan ya sa su. Irin waɗannan sunaye laƙabi ne na sana'a, da mai gida da magini ke amfani da su don su fahimci abin da ake ciniki a kai. Kama ce ta kawo sunan, kuma kama ba ta tabbatar da nufi.

Dagi ya ƙara samun wani nauyi tun da ya zama tambarin Jihar Arewa ta Nijeriya a zamanin Sardauna Ahmadu Bello, har ake ce masa dagin Arewa, ana fassara shi da haɗin kai. Wannan ma'ana gaskiya ce, amma tana da ranar haihuwa. Wanda ya ɗauke ta ya ɗora wa bangon Damagaram, wadda ba ta taɓa shiga wannan jiha ba, ya juya tarihi baya.

Prussin ta danganta yawancin adon Afirka ta Yamma da rubutu da hatimin malamai. Ra'ayin yana da ƙarfi inda aka ga allo ko harafi a bango. Amma idan aka shimfiɗa shi a kan kowane ƙulli, sai magini ya ɓace daga labarin, alhali shi ne ya zaɓi siffar, ya daidaita ta da faɗin ƙofa da kuma aljihun mai gida. Abin da ya ba aikin Schwerdtfeger daraja shi ne ya tambayi masu gidaje da masu zanen kansu.

5. Kammalawa

An sa tsohon garin Agadas cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013, Birnin Damagaram kuwa ya shiga jerin share fage tun 2006. Duk gyaran da za a yi da sunan adana tarihi zai zaɓi shafe ɗaya ya bar sauran, kuma idan ba a rubuta abin da ke ƙarƙashi ba, ya tafi ke nan. Shawararmu ga mai shirya kundi a wannan fanni ita ce ya ware wa kowace fuskar zaure layi huɗu: shekarun bango, kayan yaɓe, sunan zanen kamar yadda magini ya faɗe shi, da wanda ya ba da ma'anar. Layin da ba shi da shaida a bar shi fayau.