Majinyaciya ɗaya, takardu uku

A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin da ke ƙarfafa ɗaliban fannonin lafiya su riƙa koyo tare, kowa ya san aikin ɗan'uwansa. Sai dai tara ɗalibai a ɗaki ɗaya bai isa ba. Gwanintar malamin da ya iya shirya wannan zama tana wurin rabon bayani: yakan tsara matsalar ta yadda babu ɗalibin da zai warware ta shi kaɗai.

Ga yadda irin wannan shiri yake. Zaman na awa biyu ne, kowane rukuni ɗalibai shida, biyu daga kowane fanni. Majinyaciyar ta takarda ce: dattijuwa mai shekara 68, nauyinta kilo 60, tana da ciwon suga da hawan jini, an kwantar da ita bayan kwana uku tana amai da gudawa. Wannan kowa ya sani. Sauran bayanin kuwa an kasa shi uku.

Ɗaliban jinya ne ke riƙe da takardar lura da ruwan da ya shiga jiki da wanda ya fita. A cikin awa shida fitsarinta mililita 100 ne kacal, jininta kuma ya sauka zuwa 95 bisa 60. Ɗaliban likitanci an ba su sakamakon gwajin jini: kiriyatinin ya tashi daga 90 zuwa 210. Ɗaliban haɗa magunguna kuma an miƙa musu ledar da 'yarta ta zo da ita daga gida. A ciki akwai metifomin na suga da lisinofiril na hawan jini, waɗanda ke rubuce a katinta, sai kuma diklofenak da ta saya a kemis saboda ciwon gwiwa, wanda ba ya cikin kowace takardar asibiti.

Bayan minti goma na gabatarwa, kowane fanni yakan keɓe na minti ashirin ya fahimci abin da ke hannunsa. Ɗalibar jinya ta yi lissafi: idan fitsari ya gaza rabin mililita a kowane kilo cikin awa ɗaya, har tsawon awa shida, ƙoda na cikin haɗari. Ga wannan baiwar Allah ma'aunin mililita 180 ne, ita kuwa 100 ta yi.

Daga nan a haɗu na minti arba'in. A nan hikimar mai shirin ke fitowa fili, domin ya rubuta cewa ɗalibar jinya ce za ta fara magana, cikin gaɓoɓi huɗu: halin da ake ciki, tarihin majinyaciya, abin da ta gano, da abin da take so a yi. Ya san idan aka bar abin sakaka, ɗalibin likitanci zai karɓe zancen, sauran su koma 'yan kallo. Da bayanan uku suka haɗu, sai hoton ya cika: ruwan jiki ya ragu, diklofenak ya takura jinin da ke shiga ƙoda, lisinofiril ya hana ta riƙe matsin da take tace jini da shi. Rukunin zai rubuta shawara ɗaya: a yi ƙarin ruwa, a daina diklofenak, a dakatar da lisinofiril, a dakatar da metifomin don yana taruwa idan ƙoda ta gaza, a ci gaba da auna suga da fitsari. Kowane aiki a rubuta wanda zai yi shi da lokacinsa.

Ana tsakiyar haka malamin zai ajiye ambulan: sabon gwaji ya nuna fotasiyam ya kai 6.2. Yanzu zuciya ma na cikin haɗari. Wa zai ɗauki awon bugun zuciya? Wa zai kira babban likita? Ambulan ɗin na gwada ko rukunin zai sake zama tare, ko kowa zai koma lungunsa.

Shirin da ya lalace yana da alamu. Idan aka gama ba a buɗe ledar ba, ko aka miƙa takardu uku maimakon ɗaya, an yi zama kusa da juna ne kawai. Haka kuma idan aka haɗa ɗalibin ajin ƙarshe da 'yan ajin farko, bambancin sani zai rufe bakin ƙananan. Shi ya sa ake daidaita matakin karatunsu.

Ragowar lokacin, kusan minti hamsin, na bita ne, kuma gwanin malami ba ya yarda a gutsure shi. Ba ya tsayawa kan ko an gano cutar. Yakan tambayi kowa: wane bayani ka samu daga wani, wanda ba don shi ba da ka yi kuskure? Ɗalibin likitancin da ya amsa da bakinsa cewa bai san da diklofenak ba sai da aka zazzage ledar, zai fara aiki yana tambayar 'yan'uwan majinyaci abin da ake sha a gida.