Jan Launi a Kusurwar Biraket: Yaushe Za a Yarda da Shi?

Kusan duk ɗalibin injiniyanci da ya fara gwajin ƙarfin ƙarfe a kwamfuta, da biraket yake farawa, wato ƙarfen nan mai siffar L da ake ɗaurewa a bango a ɗora masa kaya. A manhaja irin SolidWorks Simulation aikin bai fi minti goma ba. A zaɓi Static, a faɗi irin ƙarfen, a kafe wani gefe, a ɗora nauyi, a danna Run, sai hoto mai launuka ya fito. Wahalar tana wajen sanin ko hoton gaskiya ya faɗa.

A ɗauki biraket na ƙarfen S235, wanda ke fara lanƙwasar da ba ta komawa idan matsi ya kai MPa 235. Tsawon hannunsa milimita 100, faɗi 40, kauri 6, an rataya masa 200 N a baki, kimanin kilo 20. Gogaggen injiniya kan fara da biro da takarda:

```
σ = 6FL/(bt²) = 83 MPa
δ = FL³/(3EI) = 0.44 mm
```

Idan kwamfuta ta kawo abin da ya yi hannun riga da waɗannan, akwai matsala a shirin, kuma galibi a wurin kafewa take. Sabon shiga yakan sa Fixed Geometry a duk bayan biraket, alhali a zahiri kusoshi biyu ne kawai ke riƙe da shi. Yin haka na sa ƙarfen ya fi gaskiyarsa tauri, ya kuma ɓoye matsin da ke kewaye da ramukan kusoshin. Nauyi kuwa a shimfiɗa shi a kan ɗan fili, kada a tara shi a ɗigo ɗaya. Bayan gwaji a duba Reaction Force: dole jimillarsa ta dawo 200 N. Wanda ya rubuta 20 yana nufin kilo, a nan asirinsa ke tonuwa.

Sai batun raga, wato Mesh. Manhajar tana yanyanka biraket zuwa dubban ƙananan gutsattsari, ta yi lissafi a kan kowanne, don haka amsarta kusantar gaskiya ce kawai. Hanyar tantancewa ita ce a maimaita gwajin da raga mai milimita 4, sannan 2, sannan 1, ana rubuta sakamako kowane karo. Yawan lanƙwasar baki kan nutsu da wuri, ɗan sama da 0.44, tunda ƙafar da ke jikin bango ita ma tana motsawa. Matsin da ke jikin hannun, ɗan nesa da kusurwa, shi ma yakan tsaya kusa da lissafin takarda, muddin akwai gutsattsari biyu ko uku a cikin kaurin ƙarfen. Injiniyoyi da yawa kan gamsu idan bambancin gwaji biyu na jere bai kai kashi 5 cikin ɗari ba.

Kusurwar ciki fa? Idan an zana ta da kaifi, ba za ta taɓa nutsuwa ba. Tun 1952 M. L. Williams ya nuna cewa a lissafin da ya ɗauka ƙarfe ba ya gazawa, matsi a irin wannan kusurwa ba shi da iyaka. Duk lokacin da aka raba girman raga biyu, adadin kan ƙaru da kusan kashi 37 cikin ɗari. Idan gwajin farko ya ba da 150, na biyu zai kai wajen 205, na uku 280. Ga shi biraket ɗin bai canja ba, amma ya tashi daga mai lafiya zuwa wanda ya zarce 235. A nan ɗalibi kan firgita ya ninka kauri, ya yi asarar ƙarfe a banza. Wani kuma ya koma raga mai manyan ido don jan launin ya ɓace, wanda ya fi muni, domin ya zaɓi amsar da yake so ne kawai.

Gyaran yana cikin zanen. Ƙarfen da aka lanƙwasa a maƙera ba ya fita da kusurwa mai kaifin reza, don haka a sa Fillet daidai da yadda za a ƙera shi, misali milimita 6, a kuma ƙanƙanta ragar wurin kaɗai da Mesh Control har gutsattsari shida ko takwas su bi lanƙwasar. Yanzu adadin zai hau kaɗan ya tsaya, a sama da 83 saboda taruwar matsi a kwana, kuma shi ne za a gwada da 235. Irin wannan jan launi na ƙarya kan bayyana a bakin wurin da aka kafe ma. A can, sai a karanta matsin ɗan nesa da bakin, ko a kwaikwayi kusoshin da Bolt Connector idan ramukan ne abin dubawa.