Waƙar Da Aka Ja, Da Yadda Ake Komar Da Ita Gidansu

Rabin waƙoƙin da ke yawo a wayoyin matasan Kilomita Biyar ba su da suna, ba su da uba. Ka je wurin masu tura waƙa a bakin kasuwa, ka ba da memori a cika maka, abin da za ka tarar a ciki shi ne `chanson triste tiktok.mp3` ko `AUD-WA0012`, ko kuma sunan wani dije da bai rera ko baiti ɗaya ba. A Bangi kuɗin data ba wasa ba ne, wuta ma sai an yi dace, don haka waƙa daga hannu zuwa hannu take tafiya, kuma duk hannun da ta bi sai ya ɗan rage mata wani abu. Ni da nake gabatar da shirin zaɓi-sonka a rediyo, wannan ne ciwon kaina na kullum. Mai sauraro zai turo guntun sauti na daƙiƙa ashirin ya ce a sa masa, a gaida amarya. In na sa, dole in faɗi sunan mai waƙar. In na faɗi sunan wanda ya yi mata kwaskwarima, na ɗauki gumin wani na ba wani a bainar jama'a.

Abubuwa uku ne mutane suke haɗawa su kira rimis. Akwai rimis na gaskiya, inda aka bar murya aka sake kiɗa, ko aka ƙaro wani mawaƙi. Akwai gamin-gambiza, muryar wannan waƙa a kan kiɗan waccan. Akwai kuma ja, wato a rage wa waƙa gudu a zuba mata amsa-kuwwa, abin da ake rubutawa `slowed + reverb` a YouTube. Wannan na ƙarshe ya fi kowanne yawa don ya fi kowanne arha, kuma shi ya fi ruɗar kunne.

Jan waƙa ba sabon abu ba ne. DJ Screw na birnin Houston a Amurka ya yi suna da shi tun shekarun 1990, kafin ya rasu a 2000, sai dai shi da hannunsa yake sarrafa faifai, yana yanka yana maimaitawa. Na yanzu danna maɓalli ne kawai. Duk wanda ya taɓa jin rediyo mai kaset lokacin da batir ya fara mutuwa ya san sautin: gudu ya ragu, murya ta yi ƙasa tare da shi. Nan ne alamar farko. Muryar mace ta koma kamar ta saurayi mai mura, ta namiji ta yi kauri fiye da ƙirjin da ya fitar da ita. Amma kada ka tsaya ga murya, don akwai masu kaurin murya na Allah da Annabi. Saurari numfashin da mawaƙi ke ja tsakanin baiti da baiti, da harafin "s", da tafi. Mutum yana iya rera waƙa a hankali, amma tafi ba ya yin tsawo. In ka ji tafi ya koma kamar an buga katifa, numfashi kuma ya yi nauyi kamar na mai barci, to an ja waƙar.

Lissafin mayar da ita ba wuya, amma nan mutane da yawa ke tuntuɓe. A ce waƙa tana bugu 100 a minti ɗaya, tsawonta minti 3. Aka ja ta zuwa kashi 80 cikin ɗari na gudunta. Bugun ya dawo 80, tsawon ya zama minti 3 da daƙiƙa 45, muryar kuma ta sauka kusan mataki huɗu a madannan piyano, in ka ƙirga farare da baƙaƙe. Wanda ya rage kashi 20, sai ya ƙara kashi 25 kafin ya dawo inda ya taso, domin 80 sau 1.25 shi ne 100. Tuntuɓe na biyu shi ne inda za ka ƙara gudun. In ka sa 1.25 a YouTube, waƙar za ta yi sauri amma muryar tana nan a ƙasa, don an gina shi ne ya riƙe amon murya yadda ya same shi. A Audacity ma haka `Change Tempo` yake yi. Wanda kake so shi ne `Change Speed and Pitch`, mai ɗaga gudu da murya tare, kamar ka sa wa rediyon nan sabon batir. Tunda ba ka san nawa aka rage ba, fara da 1.10, ka je 1.15, 1.20, 1.25, kana sauraron tafi da numfashi har su koma na ɗan Adam. A kowane mataki ka kara wa Shazam.

Me ya sa ba za a kara masa tun farko a huta ba? Shazam ba ya jin waƙa yadda ni da kai muke ji. Yana ɗaukar wuraren da sauti ya fi ƙarfi, ya auna tsayin amonsu da tazarar lokacin da ke tsakaninsu, ya gwada da abin da ke rumbunsa. Ja yana canza duka biyun. Sai ya yi shiru, ko kuma ya yi abin da ya fi shirun muni: ya ba ka sunan wani da ya ɗora jan waƙar a kasuwannin intanet da sunansa. Mutane suna ganin suna a allo sai su ce magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Shazam ya gaya maka wane fayil ne, bai gaya maka wa ya yi waƙar ba.

Misalin da ya fi nuna wannan shi ne "Love Nwantiti" ta CKay, ɗan Nijeriya. A 2021 babu wayar da ba ta ciki a unguwarmu, daga masu acaɓa har 'yan mata masu ƙunshi, kuma kusan kowa yana tsammanin sabuwar waƙa ce. Abin da ya cika TikTok a lokacin guntu ne da aka ja, mai nauyi, kamar kukan wanda aka yaudara. In ka ɗaga gudunsa, sai ka faɗa kan rimis ɗin DJ Yo da AX'EL, wanda aka fitar a hukumance da sunan CKay a wannan shekara. Mai gaggawa zai tsaya nan. Amma in ka nemi sunan waƙar za ka ga 'yan'uwanta jere: wadda aka yi da Joeboy da Kuami Eugene na Gana a Fabrairun 2020, wadda aka yi da ElGrandeToto na Maroko, ta Faransanci da Franglish wadda mu nan muka fi saurin fahimta. Ka bi shekarun baya-baya, ka duba wadda ba ta da sunan kowa sai na mutum ɗaya. Za ka isa 2019, kan ƙaramin kundinsa CKay the First, ƙarƙashin kamfanin Chocolate City. A YouTube, bayanin da ke ƙasan sautin hukuma yana farawa da `Provided to YouTube by`, yana ɗauke da shekara da sunayen marubuta. Wannan ya fi ranar da aka ɗora bidiyo amfani, don kowa na iya ɗora tsohuwar waƙa jiya.

Da ka ji ta asalin, za ka gane abin da jan ya ci. Sunan waƙar a harshen Ibo ƙaramar soyayya yake nufi, kuma haka take: gajeriya, marar nauyi, murya siririya tana wasa a kan kiɗa kamar mai zolayar budurwa a zaure. Jan ya mayar da zolaya ta koma makoki. Ba na cewa bai da daɗi. Da daddare, in gari ya yi tsit, yana shiga jiki. Amma baƙin cikin nan ba na mawaƙin ba ne, na maɓalli ne, kuma kowace waƙa ka ja haka za ta yi, ko da ta tallan sabulu ce. Wannan ne ƙorafina da salon gaba ɗaya. Rimis ɗin Joeboy da Kuami Eugene ya ƙara wa waƙar mutane da hira. Jan bai ƙara komai ba sai tsawo.

Gamin-gambiza kuwa da kansa yake tona asirinsa, in ka san inda za ka sa kunne. Murya da kiɗa ba a ɗaki ɗaya aka haife su ba, sai ka ji ɗaya a kusa ɗaya a nesa. Muryar da aka ɓanɓaro daga wata waƙa takan zo da wani ruwa-ruwa a gefenta, da ɓurɓushin tsohon kiɗanta. Na fi jin wannan a waƙoƙin Mamman Shata da ake ɗorawa kan kiɗan kwamfuta. Shata ya rasu tun 1999, kuma da kalangu ya yi waƙa, makaɗa suna bin bakinsa, su yi sauri in ya yi zafi, su lafa in ya lafa. Kwamfuta ba ta lafawa. Dole mai haɗin ya daddatsa muryar ya jera ta kan bugu, sai ka ji 'yan amshi sun shigo a makare ko an guntule musu baki, kalangun asali kuma yana leƙowa daga ƙasa yana faɗa da sabon kiɗa. A irin wannan, bincike biyu za ka yi. Kara wa Shazam farkon waƙar, kafin murya ta shigo, don ka san kiɗan. Muryar kuma ka rubuta kalmomin da ka ji ka nema. In ta Shata ce, kada ka wahalar da waya. Dattijon da ke zaune a ƙofar Babban Masallaci bayan la'asar zai gaya maka wa aka yi wa waƙar, har da garinsu.

Wani lokaci ma ka isa "asali" ka tarar akwai wani a ƙarƙashinsa, kuma mu 'yan wannan ƙasa muna da namu labarin. A 1994 Madonna ta fitar da "Sanctuary", cikinta akwai wata busa mai haɗe da murya. An ɗauko ta daga "Watermelon Man" ta Herbie Hancock, wadda ya sake yi a kundin Head Hunters na 1973, kuma an rubuta sunansa cikin masu waƙar. Wanda ya yi busar a wancan kundi, Bill Summers, kwalba ya hura, yana kwaikwayon hindewhu, salon mutanen Ba-Benzele na dajin kudu maso yammacin ƙasar nan, inda mutum ɗaya yake busa ya rera, ya busa ya rera. Summers ya ji shi ne a faifan da Simha Arom da Geneviève Taurelle suka naɗa, wanda ya fito a 1966. Shazam zai kai ka wurin Madonna, takardar kundinta ta kai ka wurin Hancock. Daga Hancock zuwa dajin, babu manhajar da ta san hanya, sai wanda ya taɓa jin faifan 1966 da kunnensa.