Jinjina ga Mai Raba Baki Biyar

Marubucin da ya zaunar da abokai biyar a labari ɗaya, kowa da bakinsa, ya cancanci jinjina, domin ya gane cewa murya daga buƙata take fitowa. A ce ya ajiye su a dandali a Haɗeja, an ji labarin an sako ruwa daga madatsar Tiga. Masunci murna yake, kifi zai hau fadama. Manomin shinkafa kuwa gajarta zance yake, hankalinsa na kan jingar gonarsa. Makiyayi yana tambayar yaushe ruwan zai janye, ciyawa ta fito. Mai kwalekwale na ƙorafin kacalla da ta toshe masa hanya, ɗan kasuwa kuma ya yi shiru yana lissafin kuɗin buhu.

Wani zai ce ai sara ta isa, a ba kowa kalmar da yake maimaitawa, ga Samanja nan da Hausarsa ta barikin soja. To, amma harshen Samanja daga aikinsa ya tsiro, ba liƙa masa aka yi ba. Sara kaɗai kan gundura tun shafi na uku. Mai karatu, rufe sunayen da yatsa ka karanta hirar. In ka gane mai magana, marubucin gwani ne.