Ƙwan Led Ya Sace Min Zuciya, Amma Halojin da Zenon Ma Ba Kanwar Lasa Ba Ne

Jama'ar fitila, ku matso. Duk wanda ya saba taso mota daga Wudil zuwa Indabo ranar Juma'a bayan isha'i, kasuwa ta watse, tireloli sun cika gada, ga amalanken shanu a gefen hanya ba ko ɗigon haske a bayansa, ya san dalilin da ya sa irinmu ke iya kwana muna musu a kan ƙwan fitila. Ni dai ba na ɓoye ɓangarena. Ɗan led ne ni, gaba da baya. Farin haskensa tas, mai kaifi, mai sanyi a ido, wanda yake tashi nan take kana taɓa makunni ba tare da wani jan aji ba, ya shimfiɗu a kan kwalta har ka ƙirga ramuka tun daga nesa, wallahi har yau bai daina burge ni ba. Abin sai wanda ya gani.

Amma bari mu fara gaida dattijo. Halojin ya shigo motocin Turai tun 1962 da ƙwan H1, kuma H4 ɗin nan mai zare biyu, ɗaya na dim ɗaya na ful, shi ne a goshin Golf da bas-bas da yawa da ke ɗaukar mu zuwa Kano. Wat 55 yake ci a dim, 60 a ful, ya ba da lumen kamar 1,000 a dim, 1,650 a ful. Zaren ƙarfe ne ake gasawa har ya yi fari, shi ya sa mafi yawan wutar da yake sha zafi take zama, haske ɗan kaɗan ne rabonsa. Rayuwarsa awa 500 zuwa 1,000 ce in an yi sa'a. Ina son sa saboda sauƙin kansa: ga araha, ga shi a kowane shago daga Wudil har Ƙofar Ruwa, in ya mutu a hanya ka canza shi da hasken waya cikin minti biyar. Sannan haskensa mai ruwan ɗorawa, wajen kelbin 3,200, yana da daɗin tuƙi in hunturu ya turnuƙe da hazo.

Mutuwarsa kuwa yawanci mu ne sila. Ka kama gilashin ƙwan da yatsa, maiƙon hannu ya zauna, wurin ya ɗau zafi fiye da sauran, ƙwai ya kumbura ya tafi. Ko kuma altaneta tana cika caji: ƙarin kashi 5 cikin ɗari kawai a kan wutar da aka tsara masa yana iya raba rayuwarsa biyu. In motarka na cin ƙwai duk bayan 'yan makonni, ka daina zagin mai shago, ka sa rewaya ya ɗora mita a kan batir inji na aiki. In ta haura bolt 14.5 sosai, ga ɓarawonka nan. Masu cusa ƙwan wat 100 a wayar da aka yi wa 55 kuma, Allah ya shirye ku. Soket ne zai narke.

Zenon fa? Kai, zenon ɗan gayu ne, basarake, mai takun ƙasaita. Tun da BMW ta fito da shi a jerin motocinta masu lamba 7 a 1991 yake ɗaukar hankalin masoya. Babu zare a cikinsa sam, tartsatsin wuta ne ke tsallake tsakanin ƙarafa biyu a cikin iskar gas. Balas ɗinsa yana harba bolt sama da 20,000 don ya kunna shi, daga nan ya sauko ya riƙe shi a kamar bolt 85 in D2S ne. Duba wannan lissafi mai daɗi: wat 35 kacal, lumen 3,200. Ninki biyu na halojin H7 mai lumen 1,500, da wutar da ba ta kai tasa ba. Yadda yake fara walƙawa da shuɗi, ya ɗan dusashe, sannan a hankali ya cika ya zama fari sol cikin 'yan daƙiƙu, ni har tsayawa nake in kalla in wata tokumbo mai furojekta ta kunna a gareji. Rayuwarsa awa 2,000 zuwa 3,000, kuma ba ya mutuwar fuju'a: haske zai yi ta raguwa, launi ya koma ruwan hoda ko shanshanbale, ya fara ƙyaftawa. Da ka ga haka ka canza duka biyun, don sabo da tsoho ba sa yin launi ɗaya.

Inda nake ƙorafi shi ne a kan masu saya zenon na kwali su cusa a kwanon halojin. Kwanon nan an ƙera shi ne daidai da tsawo da mazaunin zare, tartsatsin zenon kuwa siffarsa daban, sai hasken ya watsu sama da gefe, ya kashe wa mai zuwa ido, kai kuma ƙasan gabanka ba wani abin kirki. A Turai fitilar dim da ta wuce lumen 2,000 doka ta ce sai da na'urar daidaita tsayinta da abin wanke gilashi. Mu nan a bayan but ɗin Golf an lafta buhun masara, goshi ya ɗaga sama, zenon na haska rassan darbejiya. Ga balas na arha da ba ya jure jijjiga da ruwa. Kuma zenon ba ya son kunna-kashe, alhali mu da filashin muke gaisawa a hanya.

To, yanzu ga masoyina. Lexus LS 600h ce ta fara fitowa da led a fitilar dim a 2007, Audi R8 ta biyo baya da fitilar gaba mai led zalla. Wanda ke hannunmu dai shi ne ƙwan da ake cire halojin a sa shi a gurbinsa, kuma mai kyau a cikinsu abin ƙauna ne: ɗan siriri, tsaf-tsaf, mai 'yan ƙwayoyin haske jere a gefe biyu, da jikin alminiyom mai zara-zaran haƙarƙari a baya. Misali mai kyau shi ne Night Breaker na kamfanin Osram, samfurin H7, wanda Jamus ta amince a hau titi da shi a wasu motoci a 2020. Wat 19 yake ci, lumen 1,500 yake bayarwa. Ku lura, lumen ɗin daidai yake da na halojin H7. Daɗin yana wurin cewa kashi ɗaya cikin uku na wutar ya ishe shi, kuma yana ajiye hasken a inda ido ke buƙata. Don haka in ka ga kwali an rubuta lumen 20,000 ko 50,000 a ƙwan da bai kai kuɗin buhun gawayi ba, ka yi murmushi ka ajiye. Cika baki ne.

Mu yi lissafin da mota ɗaya, mu ce Golf mai H4 da ke jigila tsakanin Indabo, Wudil da Kano, fitila na aiki awa biyu kowane dare. A shekara awa 700 ke nan da ɗoriya. Halojin biyu a dim wat 110 ne, ka raba da bolt 12, amfiya 9 da 'yan kai. Zenon biyu, in ka haɗa da abin da balas ke ci, sun kai kamar wat 84, amfiya 7, ban da fizgar da suke yi lokacin tashi. Led biyu masu wat 20 kowanne, wat 40 ne, amfiya 3 da kaɗan. Amfiya shida ka sauke wa altaneta! Ga wanda batirinsa ya tsufa, yana tsaye a tasha inji na silo, fitila da rediyo da cajin wayoyin fasinja duk a kunne, wannan sauƙin ba ƙarami ba ne. Mai dai kar ka sa rai zai ragu yadda za ka gani a aljihu, domin wat 70 bai wuce kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin doki guda ba. A ɓangaren rayuwa, wannan direba zai canza halojin kusan duk shekara, zenon duk shekara uku zuwa huɗu, led na kirki kuwa yana iya wuce su duka, tunda ba shi da zaren da gargada za ta tsinka.

Na ce yana iya wucewa, don awa 30,000 ko 50,000 da ake bugawa a kwali lissafin ƙwayar led ce a wuri mai sanyi. Led ba ya zafi ta gaba, ta ƙeya yake yi, kuma zafin nan ne ajalinsa. 'Yar fankar da ke bayansa in ƙurar hunturu ta toshe ta, ko watan Afrilu ya haɗu da zafin inji, sai ka ga haske ya yi ƙarfi da farko, bayan minti goma ya ja baya, daga baya ya fara rawa. Alamar matsalar fanka ko akwatin wutarsa ke nan. Abin da ke ƙona min rai shi ne in ga an yar da murfin roba na bayan fitila don ƙwai ya samu shiga. Ƙura da ruwa za su cika kwanon, azurfar ciki ta dusashe, ka yi asarar fitilar gaba ɗaya. Nemi gajeren ƙwai da murfi zai rufu a kansa. Masu babur kuma ku tambaya tukuna: babura da yawa fitilarsu daga kwayil take shan wuta kai tsaye, led ɗin da ba a yi shi don haka ba zai yi ta ƙyaftawa a silo har ya ƙone.

Lokacin da na fi so a duk harkar shi ne gwajin bango. Ka samu fili miƙaƙƙe da dare, ka tsayar da mota mita 10 daga katanga, ka auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, ka yi alama da gawayi a bangon, sannan ka kunna dim. Layin da ya raba haske da duhu ya sauka ƙasa da alamar da kamar santimita 10, ko abin da aka buga a jikin fitilar, 1% ko 1.2%. Ƙwayoyin led su kalli hagu da dama, ba sama da ƙasa ba, kuma a H4 ɗan marfin da ke kare ƙwayar dim ya kasance a ƙasa. In komai ya zauna, za ka ga layi a miƙe, mai kaifi, mai tsafta, ya ɗan tashi ta dama don ya haska gefen hanya inda masu keke da awaki suke. Masha Allah! In kuwa ka ga haske ya yi dabbare-dabbare ya haye saman alama, ƙwan nan bai dace da kwanonka ba, ko gilashin ya yi hazo yana son goge. Cire shi, ko nawa ka saya.

Sauran ƙorafina ɗaya: yawancin led na kasuwa kelbin 6,000 zuwa 6,500 ne, kuma a cikin hazo mai kauri farin nan yana dawo maka a fuska har ido ya gaji. In ka samu mai 4,300 zuwa 5,000, rungume shi, ko ka bar fitilun hazo na ƙasa masu ruwan ɗorawa.

Hukuncina: wanda motarsa ta zo da zenon da furojekta daga kamfani, ya riƙe kayansa, ya sayi ƙwai na asali. Mai kwanon halojin da aljihu ya yi sanyi, sabon H4 mai wat 60/55 da gilashi gogagge ya fi led na bogi sau goma. Wanda kuwa zai iya sayen led na kirki ya tsaya ya saita shi a bango, shi ne ya ci kasuwa. Don Allah dai, 'yan'uwa, in mun haɗu a gadar Wudil, a sauke ful.