Mahaɗan da ba sa haɗa kome: sharhi kan «haka kuma» da «bugu da ƙari» a goshin jimla

1. Gabatarwa

Wanda duk ya saba duba takardun da ake shiryawa don ajin yaƙi da jahilci, ko rahotannin da ake fassarowa daga Faransanci, ya san wani irin sakin layi da kowace jimla tasa ke buɗewa da «haka kuma», «bugu da ƙari», «har ila yau», «kazalika» ko «daɗin daɗawa». Tun da aka fito da ChatGPT a ƙarshen shekarar 2022, wato watan Nuwamba, masu karatu sun sami sunan da za su kira wannan salo da shi: rubutun inji. Amma salon ya girmi injin. Abin da muke son nunawa a nan shi ne, aibinsa ya wuce rashin daɗi ga kunne. Yana ɓoye dangantakar da ke tsakanin jimloli, alhali kuwa ita ce sabon mai karatu ya fi bukata.

2. Misalin da za mu yi aiki a kansa

Mun tsara wannan sakin layi da kanmu, bisa ƙirar waɗanda ake gani cikin takardun wayar da kan manoma. Batunsa ajiyar wake ne cikin buhu mai riɓi uku, wanda manoman Maraɗi da Damagaram suka sani: ledoji biyu a ciki, buhun saƙa a waje.

(1) Buhu mai riɓi uku yana kare wake daga ƙwari. Haka kuma, ƙwaro ba ya rayuwa in babu iska. Bugu da ƙari, ana shanya wake ya bushe sosai kafin a zuba shi. Har ila yau, ana duba ledoji biyu na ciki ko akwai huda. Kazalika, ana matse iska a ɗaure kowace leda daban. Daɗin daɗawa, buhun ba ya hana ɓera.

Babu kuskuren nahawu a ciki. Jimloli 6 ne, 5 daga cikinsu sun buɗe da mahaɗi, kuma marubucin ya yi ƙoƙarin kada ya maimaita ko ɗaya. Duk da wannan ƙoƙari, mahaɗan biyar ma'anarsu ɗaya ce: ga wani abu ya ƙaru a kan na baya.

Halliday da Hasan, cikin littafinsu na 1976 kan yadda zance ke haɗuwa a Ingilishi, sun kasa dangantakar mahaɗai gida huɗu: ƙari, saɓani, dalili da lokaci. In muka auna misali na (1) da wannan ma'auni, sai mu ga jimla ta biyu dalilin ta farko ce, domin rashin iska shi ne ke kashe ƙwaron. Ta uku da ta huɗu da ta biyar matakai ne masu bin juna cikin lokaci. Ta shida saɓani ce, gargaɗi kan abin da buhun ya kasa yi. Ashe ke nan dangantaka iri uku ce ke akwai, aka lulluɓe su duka da alamar ta huɗu, wadda ita ce kaɗai babu a wurin.

Manomin da ya karanta wannan bai sami labarin cewa ɗaurin leda shi ne asirin aikin ba. An jera masa shi daidai da sauran, kamar kaya a kan teburin mai tireda. In ya ɗaure ledojin biyu a haɗe, ko ya bar ƴar huda, ba a ba shi abin da zai sa ya gane cewa ya karya dabarar gaba ɗaya ba.

3. Me ya sa ake jin ƙamshin inji

Mahaɗin ƙari ba ya ɗaukar wa marubuci wani alkawari. Wanda ya rubuta «don» ya yi da'awar cewa wannan ne ya haddasa wancan, ana kuwa iya ƙaryata shi. Wanda ya rubuta «amma» ya nuna ya san inda abu biyu suka saɓa. «Bugu da ƙari» kuwa yana zama tsakanin kowace jimla biyu a duniya, ko sun san juna ko ba su sani ba. Injin rubutu aikinsa shi ne zaɓen kalmar da ta dace ta biyo baya, bisa ɗimbin rubutun da aka horar da shi a kai. Mahaɗin da ke shiga ko'ina ba tare da ya zama kuskure ba, ya yi daidai da irin wannan aiki. Mutumin da ya tara bayanai bai tsaya ya tantance alaƙarsu ba, shi ma wurinsa yake fakewa. Abin da mai karatu ke ji, ke nan, shi ne rashin wanda ya yanke shawara a bayan jimlolin.

Dalili na biyu na tsari ne. Goshin jimla a Hausa wuri ne mai daraja: nan ake sa abin da ake magana a kansa, ko abin da ake son ƙarfafawa. In aka ba mahaɗi wannan wuri sau biyar a jere, da waƙafi bayansa, sai kowace jimla ta tashi da murya iri ɗaya, ta numfasa a wuri ɗaya. Mai karantawa a fili cikin aji yana jin wannan tun kafin ya kai ƙarshen sakin layi.

Ga waɗanda suka yi makarantar boko da Faransanci, akwai asali na kusa. Darasin tsara muƙala yana koyar da jerin kalmomin haɗa hujja da hujja, ana kuma ɗaukar su alamar tunani mai tsari. Mai fassara yakan nemo wa kowace ɗaya takwara a Hausa, ya ajiye ta inda take a Faransanci, wato a goshi.

Sai a lura da nauyin da wannan ke ɗora wa sabon mai karatu. Mahaɗan biyar na misali na (1) kalmomi 11 ne, gaɓoɓi 22. Wanda har yanzu yake haɗa baƙi gaɓa-gaɓa zai sha wahalar waɗannan duka, bai sami kome game da wake ba.

4. Abin da Hausa ta tanada

Ga sakin layin bayan gyara:

(2) Buhu mai riɓi uku yana kare wake, don ƙwaro ba ya rayuwa in babu iska. Kafin a zuba waken, a shanya shi ya bushe sosai. Ledoji biyu na ciki kuwa, a duba su ko akwai huda. In an cika, sai a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ɓera fa, buhun ba ya hana shi.

Jimla ta farko da ta biyu sun zama ɗaya, «don» ya ɗinke su. Wannan shi ne gyara mafi sauƙi: inda dangantaka ta dalili ce, a faɗe ta da sunanta.

Matakan aiki sun koma cikin sigar umurni mai bin juna: a shanya, a duba, a matse, a ɗaure. Wannan siga da kanta tana nuna jeri, yadda uwa ke koya wa ƴarta dama fura ba tare da ta ce «har ila yau» ba. «In an cika, sai…» ya ɗauko ƙarshen aikin baya ya mai da shi mafarin na gaba. Dabara ce ta masu tatsuniya, wadda ta cika cikin Magana Jari Ce na Abubakar Imam.

Gyara na uku ya fi dacewa da mu tsaya a kansa. Hausa tana da ƙananan kalmomi shida, wato fa, dai, kuwa, kuma, ma da kam, waɗanda masana nahawu irin su Newman a 2000 da Jaggar a 2001 suka bayyana aikinsu. Mazauninsu na asali bayan kalma ne ko bayan yankin jimla. A «ledoji biyu na ciki kuwa», abin da ake magana a kansa ya shigo gaba, «kuwa» ta nuna an juya daga wake zuwa leda. A «ɓera fa», «fa» ta ɗauki gargaɗin duka cikin gaɓa ɗaya. Tun da mahaɗin ya koma wuri na biyu, goshin jimla ya zama na batun kansa, kuma tun da batun yana sākewa, mafarin jimlolin ya sāke ba tare da an ƙirƙiro masa bambanci ba: buhu, kafin, ledoji, in, ɓera.

5. Gwaji biyu ga mai gyaran rubutu

Na farko shi ne gwajin gogewa. A share mahaɗin a sake karantawa. In ma'ana ba ta motsa ba, ba ya da aiki. A misali na (1), duk biyar sun faɗi wannan gwaji. A na (2), in aka share «don», hujja ta tafi.

Na biyu shi ne gwajin juya jeri. A sauya wa jimlolin wuri. A (1) ana iya kai jimlar ɓera wuri na biyu, a mai da ta iska ƙarshe, mahaɗan ba za su yi gardama ba. A (2) ba a iya kawo «in an cika» gaban «kafin a zuba» ba tare da zance ya rushe ba. Sakin layin da ya yarda a hautsina shi jeri ne kawai, sai ko dai a rubuta shi da lambobi a matsayin jeri, ko a koma a nemo alaƙar.

6. Iyakoki

Maganin da aka fi bayarwa, wato a riƙa sauya mahaɗi da ɗan'uwansa, ba ya warkar da kome. Misali na (1) ya riga ya yi hakan. Goge dukan mahaɗai ma kuskure ne, domin sabon mai karatu yana bukatar «amma», «don» da «in» fiye da gwani. «Bugu da ƙari» shi ma yana da gurbinsa, inda aka kawo hujja ta biyu mai nauyi a kan magana ɗaya: buhun yana hana ƙwari, bugu da ƙari ba a bukatar maganin feshi.

Ba kowane maimaici ne ke da aibi ba. «Sai» na iya buɗe jimloli da yawa a jere cikin labari kunne bai gaji ba, saboda kowane ɗaya yana tura lokaci gaba. Maroƙi da mai kirari suna maimaita mafarin baiti da gangan, don su gina ƙarfi.

Yawan waɗannan mahaɗai kuma ba shaida ba ce cewa inji ne ya yi rubutu. Malamin da ya ƙi aikin ɗalibi bisa wannan alama kaɗai yana iya zaluntar wanda ya bi abin da aka koya masa a aji.

7. Kammalawa

Shawararmu ga masu shirya littattafan yaƙi da jahilci ita ce, kafin a kai rubutu ɗab'i, a ja layi ƙarƙashin kalmomin farko na kowace jimla, a yi gwaje-gwajen nan biyu, sannan a ba wani ya karanta a fili. Ga masu bincike kuwa, akwai aikin da ya cancanci a yi: a ƙirga mafarin jimloli cikin tatsuniyoyi da hirarrakin da aka naɗa a Adar, Gobir da Damagaram, a gwada da na rubutun da aka fassaro. Da irin wannan ƙidaya ne za a iya tsai da ƙa'idar da ta fito daga bakin masu harshen.