Faifan caji ba ya son waya mai ɗauke da kaya

Faifan caji, wanda ake ɗora masa waya ta sha wuta ba tare da an soka mata igiya ba, ya fara zama abin yayi a wajenmu. Samarin Mahuta da ke sayo manyan wayoyi na hannu daga Funtua ko Malumfashi, ko daga kasuwar waya ta Fam Santa a Kano, kan haɗo da shi a matsayin cikon ado. Bayan ɗan lokaci kuma sai ka ji ƙorafi iri ɗaya: ba ya sauri, yana kamawa yana saki, an kwana da waya a kansa an tashi ba ta cika ba. Daga nan sai a yanke masa hukunci cewa jabu ne.

Jabun akwai shi, ba na musu. Amma a ganina yawancin faifan da ake zagi lafiyarsu ƙalau. Abin da ya faru shi ne mun sayi na'urar da aka ƙera don siririyar waya mai tsiraicin baya, a ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa, muka kawo ta inda waya ke sanye da riga mai kauri, tana ɗauke da kati da kuɗi da ƙarfe, a gari mai zafi da wuta ta ɗan lokaci.

Duk wanda ya taɓa ganin an buɗe fanka ko janareta ya san koyil, wato nannaɗaɗɗiyar wayar tagulla. A cikin faifan akwai koyil shimfiɗaɗɗe, a bayan wayar da ke karɓar irin wannan caji ma akwai wani. Idan wuta ta bi ta koyil ɗin faifan, sai ya haifar da ƙarfin maganaɗisu mai kai da komo sama da sau dubu ɗari a daƙiƙa, wannan kuma ya tayar da wuta a koyil ɗin wayar. Michael Faraday ne ya gano wannan dabara tun 1831. Ƙa'idar da yawancin kamfanoni ke bi a yau sunanta Qi, ta fito a 2010. Abin lura shi ne wannan ƙarfi ba ya tafiya nesa. Tazarar 'yan milimita kaɗan ce, kuma sai koyil ya hau kan koyil. Kamar tukunya ce a murhu: in ta karkace, itace na ci, gefe na zafi, ruwa bai tafasa ba.

Wani Alhaji mai sayen masara, wanda muke zama da shi, ya kawo mini nasa yana cewa zai mayar wa mai shago. Wayarsa iPhone 11 ce ta hannu. Ya ce da ya ɗora sai ta yi ƙarar caji, bayan ɗan lokaci fitilar faifan ta fara ƙiftawa, cajin ya tsaya, bayan wayar kuma ya yi zafi. Na ce, "Alhaji, kafin a kai ƙara, a tuɓe mata riga mu gani." Rigar irin mai kaurin nan ce ta roba biyu, wadda ake saye don kada waya ta fashe in ta faɗo daga kan buhu. A cikinta muka tarar da katin ATM, da 'yar allurar cire layi, da kuɗi a ninke, sannan a manne da jikin rigar akwai wani ɗan falle na ƙarfe wanda maganaɗisun mota ke kamawa.

Ƙarfen nan shi ne babban mai laifi. Ƙarfin da ke fitowa daga faifai ba ya bambance koyil da sauran ƙarafa. In ya tarar da falle ko allura ko makulli a tsakani, sai ya tayar da wuta a cikinsu, su kuma ba su da inda za su kai ta, sai ta zama zafi. Saboda haka aka sa wa faifai mai bin ƙa'ida dabarar tsaro: wayar na sanar da shi yawan wutar da ta iso gare ta, shi kuma yana kwatantawa da wadda ya tura. In giɓin ya yi yawa, sai ya ɗauka akwai wani abu da ke shanye wutar a hanya, ya katse. Ƙiftawar fitilar ke nan a yawancinsu. Wato abin da Alhaji ya ɗauka lalacewa ce, aikin kirki ne faifan ya yi. Wanda ya kamata a ji tsoronsa shi ne faifan da za a sa wa ƙarfe ya ci gaba da tura wuta ko a jikinsa. Katin banki ma ba wurin zamansa ba ne, domin zafi da maganaɗisu na iya lalata shi.

Da muka ɗora wayar tsirara a tsakiyar faifan, sai caji ya kama bai sake yankewa ba. Muka mayar da rigar bayan an ɓamɓare ƙarfen an kwashe kayan ciki, ya kama, amma da an ɗan gusa wayar sai ya saki. A nan kauri ne ke magana. Masu ƙera faifai da yawa kan rubuta cewa kada riga ta wuce kaurin milimita 3 zuwa 5. Siririyar roba ba ta hana komai. Mai kauri kuwa tana cinye tazarar da ake da ita, ta yadda ɗan karkacewa kaɗan ya isa ya yanke caji. Haka riga mai zobe a baya, ko mai aljihun kati, ko mai adon ƙarfe.

Saura daidaitawa. Koyil ɗin waya galibi a tsakiyar bayanta yake, ba kusa da kyamara ba, ba kuma ƙasa wajen ramin caji ba. A wayar Alhaji yana daidai inda tambarin kamfanin yake. Kuskuren da ake yi shi ne dogaro da ƙarar nan ta farko. Waya na iya nuna alamar caji alhali koyil ɗin rabi ne ya hau, sai ta riƙa shan wuta kaɗan tana tara zafi. Akwai kuma wadda ake ajiyewa daidai, amma tana kan girgiza, kowane kira ko saƙo na ɗan tura ta, kafin asuba ta zame daga tsakiya. Masu ƙera wayar ma sun san wannan rauni. Shi ya sa Apple ya sa zoben maganaɗisu a bayan iPhone 12 a 2020, da sunan MagSafe, don faifai ya manne a inda ya dace, ƙa'idar Qi2 ta 2023 kuma ta ɗauki wannan dabara.

Bayan duk wannan gyara, Alhaji ya ce har yanzu bai ga sauri ba. Muka duba kan cajar da ya jona faifan da shi, ashe tsohon ƙaramin kai ne mai bayar da wat 5. Faifai ba ya ƙirƙirar wuta, abin da aka ba shi yake miƙawa, kuma sai wani kaso ya salwanta a hanya. A ƙarƙashin faifai galibi akwai rubutun abin da yake buƙata, misali 5V/2A ko 9V/1.67A. In kan caja bai kai haka ba, faifan zai koma mafi ƙarancin gudu, ko ya riƙa kamawa yana saki ko da babu ƙarfe ko riga. Muka canza kai, abu ya daidaita.

To amma a nan ne nake rabuwa da masu yayin. Ko an gyara komai, wannan waya ba ta karɓar fiye da wat 7.5 a kan faifai irin wannan. Ita kuwa da igiya da kai mai wat 18, kamfanin ya ce tana kaiwa kusan rabi cikin minti 30. A wannan minti 30, faifan ba zai ba ta ko kashi ɗaya cikin uku ba. Ga mutumin da wuta ke kwana a ɗakinsa, wannan ba komai ba ne, ya ɗora ya yi barci. Mu kuwa da ake kawo wuta ba sallama a ɗauke ba bankwana, ko muke jiran a tayar da janareta bayan magariba, kowane minti na da daraja. In kuma da ɗan batirin sola ake caji, asarar da faifai ke yi ta zama zafi daga wutar fitila da fanka ake cire ta.

Zafin ma wani abu ne. Kamfanin ya ce a yi amfani da wayar a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. A watan Maris da Afrilu, ɗaki mai rufin kwano a ƙasar nan yakan wuce haka da rana tun kafin a ɗora komai. Faifai na ƙara nasa ɗumin, riga mai kauri na riƙe shi. Waya in ta ji zafi sai ta rage shan wuta don kare batirinta, iPhone ma takan tsaya a kashi 80 har sai ta huce. Wanda wayarsa ke cika da dare amma take tsayawa da azahar, ba faifai zai canza ba, wurin ajiya zai canza, ya kuma cire rigar.

Masu shago ma da nasu alhakin. Yawancin wayoyin da ke hannun mutanenmu, ƙananan itel da Tecno da Infinix da jerin A na Samsung, ba su da koyil a baya sam, ko an kwana ana daidaitawa ba abin da zai faru. Wasu ƙalilan ne, irin Infinix Note 30 Pro da Note 40, suke da shi. Akwai wani siririn falle da ake sokawa a ramin caji a liƙa a bayan waya don ta karɓi faifai, amma gudunsa kaɗan ne, yana zafi, kuma ya toshe ramin da ake buƙata. Bai kamata a sayar wa mutum faifai ba sai an gwada da wayarsa, da rigarta, da irin kan cajar da zai yi amfani da shi a gida, an kuma bar ta ta yi 'yan mintuna an taɓa bayanta.

Ban ce faifai ba shi da ranarsa ba. Ƙurar hunturu da yawan soke-soke na kashe ramin caji, kuma wanda ramin wayarsa ya fara wasa zai iya samun sauƙi da faifai kafin ya kai gyara. Mai shagon da ke da sola, wanda ke ɗauka yana ajiyewa a kan tebur duk yini, shi ma zai ji daɗinsa. Amma sharaɗinsa a fili yake: waya mai koyil, siririyar riga marar ƙarfe, kan caja mai ƙarfi, da wutar da za ta daɗe. Wanda ba zai iya raba wayarsa da kati da kuɗi da riga mai kauri ba, kuma yawancinmu muna da dalilinmu na ƙin rabawa, gara ya sa kuɗin faifan a kan caja mai kyau da igiya mai ƙwari.